Lambar da Ta Ƙi Motsawa

Kwana uku ana ruwa babu ƙaƙƙautawa. Tafkin ya cika har ya shanye matakala biyar na gadar da jiragen ruwa ke ɗaukar fasinja, ma'aikatan madatsar ruwa kuma sun buɗe ƙofofi uku tun jiya don rage masa nauyi. Da safiyar ranar ta huɗu ruwan ya sassauta ya koma yayyafi, sai wani farin hazo ya sauko ya kwanta a kan tafkin, wanda ko jirgin da ke ɗaure a bakin gadar ba a iya gani daga tagar ofis.

Matar da ke kula da ofishin gaɓar yamma, kowa Safiyo yake ce mata. Shekara bakwai ta yi tana bin masu awon filaye, waɗanda ake kira safiyo, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita a wannan ɗan ɗakin mai tebur ɗaya, da oba-oba ta magana da matuƙa, da babbar taswirar tafkin manne a bango, gefenta duk danshi ya ci. Aikinta rubuta jirgin da ya tashi da wanda ya iso. Jirgin kawunta, yayan mahaifiyarta, ya taso daga gaɓar gabas tun ƙarfe tara da rabi da mutum goma sha tara. Ƙetarewar minti talatin ce, ga shi goma har ta wuce.

Tana tsaye a bakin taga wayarta ta yi ƙara.

“'Yar nan, inji ya mutu,” in ji Kawu, muryarsa a sake kamar mai ba da labarin kasuwa. “Ruwa ya shiga mai. Ki turo mana Gajere ya ja mu.”

“Kawu, kuna ina?”

“A cikin ruwa mana. Ina kike so mu kasance?”

“Wane waje? Kuna hango wani abu?”

“Ina hango hancin jirgina. Shi ma ba sosai ba.” Ya yi dariya. “Kada ki tayar da hankalinki, na jefa anga. A tsaye muke cak.”

Faɗin tafkin kilomita biyar ne, tsawonsa ya fi ashirin. A irin wannan hazon, jirgin ceto zai iya wuce su da taku hamsin bai san ya wuce ba. Wayar Kawu ƙarama ce mai madannai, ba ta da taswira. Safiyo ta ce ya tambaya ko akwai mai babbar waya. Ta ji hayaniya, da kukan akuya, sannan wata murya ta mace ta karɓa, a natse.

“Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan je asibitin ƙetare. Wayata na da taswira, amma babu data ko kaɗan. Na so in tura wa mijina inda muke, ya ƙi tafiya.”

“Ba komai, Nas. Data ba ta kaiwa tsakiyar tafki, amma wayar ta san inda take ko babu data, daga tauraron ɗan'adam take karɓa. Riƙe ta Kawu a kunne, ki buɗe taswirar a taki. Me kike gani?”

“Fili ne kawai, babu zane. Sai wani shuɗin ɗigo a tsakiya.”

“Ke ce wannan ɗigon. Ɗora yatsa a kansa ki danne, kada ki ɗaga sai wata jar alama ta fito.”

Aka ɗan jima. Gilashin wayar ya jiƙe, sai da Nas ta goge shi da gefen mayafinta.

“Ta fito. Ga wasu lambobi biyu a sama, da waƙafi a tsakaninsu.”

“Karanto mini ta farko, ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗan layi a gabanta, irin na ɗebewa?”

“Babu. Tara, ɗigo, uku, huɗu, shida, takwas, ɗaya, biyu.”

Safiyo ta rubuta 9.346812 a bayan littafin rajista, ta maimaita mata. Nas ta karanto ta biyun, wadda bayan ɗigonta akwai 512047. Safiyo ta dubi agogon bango ta rubuta lokaci a gefe: goma da minti goma sha biyu.

“Yaya, me lambobin nan suke nufi?” in ji Nas. “Mutane suna kallona kamar ni na san wani abu.”

“Ta farko ita ce latitud. Tana gaya miki nisanki daga layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Mu muna arewa da shi da digiri tara da ɗoriya, da a kudu muke da kin ga wancan ɗan layin a gabanta. In kina tafiya arewa tana ƙaruwa, in kina yin kudu tana raguwa. Ta biyu longitud ce, gabas da yamma. A nan, in kin yi gabas ta ƙaru, in kin yi yamma ta ragu. Digiri ɗaya a ta farko kilomita ɗari da goma sha ɗaya ne, ta biyun ma a nan kusan haka. Saboda haka abin da ke gaban ɗigo ba zai canja mana ba yau, duk tafkin nan a cikin digiri ɗaya yake. Daga yanzu lamba huɗu na bayan ɗigo kawai nake so. Ta huɗun, duk ɗaya a cikinta kamar mita goma sha ɗaya ce.”

Ta je bango ta bi layukan gefen taswirar da yatsa biyu har suka haɗu. Sun haɗu a kan wani zane mai duhu da ya ratsa tafkin daga sama har ƙasa, tsohuwar hanyar kogin tun kafin a datse shi. Ta sauke idonta zuwa ƙasan takardar, inda bangon madatsar yake a 9.3120. Tsakaninsu kilomita huɗu ba kaɗan.

Gajere, matuƙin jirgin ceto, ya shigo yana ɗiga. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofa, shi ya sa sunan ya bi shi. Ta rubuta masa lambobin a takarda, ya shigar da su a wayarsa, alama ta fito a kan taswirar da ya daɗe da saukewa.

“Ba zan yi gudu ba fa,” ya ce. “Ruwan nan ya kwaso itatuwa. In gungume ya daki farfelar injina, mu biyu za ki nemo wa mai ceto.”

Ya tashi goma da kwata. Ƙarar injinsa ta shige cikin hazon ta ɓace tun kafin Safiyo ta koma kujera.

Goma da minti ashirin ta kira wayar Kawu, Nas ta ɗauka.

“Karanto mini.”

“Uku, huɗu, shida, takwas. Ta biyun kuma biyar, ɗaya, biyu, sifili.”

Safiyo ta sauke numfashi. Angar ta kama ke nan. Ta ji Kawu daga nesa yana cewa, “Ban gaya mata ba? Shekara talatin ina kan ruwan nan, waya ce za ta koya mini tsayuwa?” Fasinjoji suka yi dariya. Goma da rabi ta sake kira, lambobin suna nan yadda suke. Har ta ɗora ruwan zafi a kan ɗan risho. Ta kira mahaifiyarta ta ce kada ta ji labari a bakin mutane ta firgita, yayanta lafiyarsa ƙalau, ana hanyar ɗauko su.

Goma da minti arba'in oba-oba ta yi ƙara.

“Safiyo, ga ni a kan alamar,” in ji Gajere. “Babu kowa.”

“Kashe inji ka saurara.”

Ta ji injin ya mutu. Ta ji ya busa usur sau uku, sannan shiru, sai ruwa yana marin gefen jirgi.

“Ko tari ban ji ba. Kuma Safiyo, ruwan nan tafiya yake. Daga kashe injina zuwa yanzu na sauka daga kan alamar. Wace irin anga ce za ta kama a nan? Zurfin wajen nan ya fi igiyar Kawu sau biyu.”

Safiyo ta juya wajen bango. Ta dubi duhun zanen da ke kan taswira, tsohuwar hanyar kogin inda ruwa ya fi zurfi da gudu, wanda ta gani da idonta rabin sa'a da ta wuce. Ta sake kiran wayar Kawu, Nas ta ɗauka.

“Karanto mini ta farko duka, har ƙarshe.”

“Uku, huɗu, shida, takwas, ɗaya, biyu.”

Daidai da na farko, har lamba ta shida, wadda ba ta wuce tafin hannu ba a ƙasa. Ko a kan tebur aka ajiye waya, in an sake aunawa sai lambobin ƙarshe sun yi rawa, balle a jirgin da ke lilo a kan ruwa. Safiyo ta san wannan tun shekararta ta farko a wurin masu awo.

“Nas, jar alamar nan, kin sake danna ta, ko tun ta ɗazu ce?”

“Ta ɗazu ce. Ai ba ki ce in sake ba.”

“Ina shuɗin ɗigon?”

Nas ta duba.

“Ba ya nan. Tsaya... na jawo taswirar. Ga shi can ƙasa. Ya yi nisa da alamar sosai.”

“Alamar ba ta bin ki. Inda kika dasa ta nan take zama, ɗigon ne ke. Laifina ne, ban gaya miki ba. Goge ta ki danna a kan ɗigon, yanzu.”

“Uku, biyu, takwas, takwas. Ta biyun biyar, ɗaya, biyar, sifili.”

Safiyo ta yi lissafin a tsaye. Daga 3468 zuwa 3288, an ragu da ɗari da tamanin. Sau goma sha ɗaya, kilomita biyu ke nan zuwa kudu a cikin minti talatin. Kafin bangon madatsar akwai wata igiyar ƙarfe da aka jera wa ganguna, ta ratsa ruwan don tare duk abin da ya nufi ƙofofi. Tana kan 3160. Saura ɗari da ashirin da takwas, wato kilomita ɗaya da mita ɗari huɗu. Minti ashirin da ɗaya, in ruwan bai ƙara sauri ba, alhali kullum yana ƙarawa in ya kusa ƙofa.

Sai ta dubi lamba ta biyu. Ta tashi daga 5120 zuwa 5150. Suna gangarawa kudu, suna kuma karkata gabas, wajen da ƙofofin suke. Tun daminar bara igiyar gangunan ta tsinke a ɓangaren gabas, ita da kanta ta rubuta rahoto sau biyu, ta kuma sa alamar fensir a inda gangar ƙarshe ta tsaya: 5165. Daga nan zuwa gaɓa babu komai. In suka ci gaba da karkata yadda suke yi, za su iso layin igiyar a wajen 5171. Za su wuce ta gefen gangar ƙarshe da mita sittin da wani abu.

Ta ɗauki oba-oba. “Gajere, suna kudu da kai da kilomita biyu. Kada ka bi su inda suke, ba za ka same su a nan ba. Sa 3160 da 5160, ka nufi ganguna kai tsaye.”

“Minti ashirin da biyar ne, in ban daki komai ba.”

“To kada ka daki komai.”

Ta kira injiniyan madatsar a wayar ofis. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ƙofa ɗaya tana cin minti ashirin kafin ta sauka, kuma ba shi da ikon rufe ko ɗaya sai da izini daga sama, ga ruwa yana ta shigowa.

“Mutum goma sha tara ne, Injiniya, da matuƙi ashirin. Akwai mai goyo.”

Ta ji yana numfashi. “Zan fara sauke ta gabas. Izinin ya same ni a hanya. Sauran biyun ba zan iya taɓa su ba.”

Ta koma kan wayar Kawu, ta ce a ba shi.

“Kawu, jawo igiyar angarka ka ji.”

“'Yar nan, na ce miki...”

“Don girman Allah, Kawu, jawo ta.”

Ta ji gurnaninsa, ta ji ƙarfe ya bugi katako. Da ya dawo kan wayar, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

“Ba ta taɓa ƙasa ba. Ko laka babu a jikinta. Ina muke?”

“Ƙasa da kilomita ɗaya da rabi daga ganguna, kuma ruwa yana kai ku inda suka tsinke. Ba za ku iya komawa baya ba, kada ma ku gwada. Yamma nake so ku yi, ko da mita ɗari ce. Filafili nawa gare ka?”

“Biyu. Amma ina yamma a cikin wannan abin? Ko rana ban gani.”

“Daga ina iska take bugun ku?”

“Daga arewa take tun jiya.”

“To juya hancin jirgi har iskar ta riƙa bugun kafaɗarka ta dama. Ku ɓalle katakan zama, kowa ya tuƙa. Rigunan ceto a ba mata da waɗanda ba su iya ruwa ba. Nas ta riƙa karanto mini, ni zan gaya muku in kuna daidai.”

Daga nan ba ta ƙara kashe wayar ba. Tana jin Kawu yana ba da umarni da wata kakkausar murya da ba ta san shi da ita ba, tana jin ana fizge ƙusoshi daga katako, wata mata tana salati, jariri yana tsala kuka. Nas tana gogewa, tana dannawa, tana karantowa.

“Uku, biyu, biyar, biyar. Biyar, ɗaya, biyar, bakwai.”

“Har yanzu kuna yin gabas. Ku ƙara ƙarfi.”

“Uku, biyu, uku, sifili. Biyar, ɗaya, shida, sifili.”

“Ku zubar da kaya. Duk abin da ba mutum ba ne.”

Aka yi gardama, wani yana rantsuwa buhunansa ba za su shiga ruwa ba. Sai ta ji faɗuwar abu mai nauyi, da wani, da wani.

“Uku, biyu, sifili, biyar. Biyar, ɗaya, shida, biyu. Yaya, muna jin wata ƙara a gabanmu. Kamar manyan motoci.”

Safiyo ma tana jin ta ta cikin wayar, can ƙasa da muryoyin mutane. Lamba ta farko ta fara zubewa da sauri fiye da lissafinta.

“Kada ki saurare ta. Lamba ta biyu kawai za ki duba. Kada ta kai shida da biyar.”

“Uku, ɗaya, takwas, biyar. Biyar, ɗaya, shida, biyu.”

“Ta tsaya. Kun tare ta. Haka za ku ci gaba.”

“Uku, ɗaya, bakwai, sifili. Biyar, ɗaya, shida, ɗaya.”

“Kawu ya tsaya a hanci da igiya. Gangunan suna gabanku, mita ɗari. Shuɗaye ne.”

Sai ihu ya tashi gaba ɗaya, wani abu ya daki jirgin da ƙarfi, wayar ta faɗi. Safiyo ta ji ruwa, ta ji takun ƙafafu a kan katako, sannan layin ya yanke. Ta sake kira, aka ce wayar a kashe take. Ba ta karɓi lambar Nas ba. Agogo ya nuna sha ɗaya saura minti ɗaya.

Ta tsaya riƙe da oba-oba a hannu biyu. Ruwan da ta ɗora ya ƙone ƙaf, butar tana ta ƙauri, ba ta ko juya ba. A bakin ƙofa mutane sun taru, masu jiran 'yan'uwansu da masu dako. Ta kira Gajere sau biyu, ba amsa sai shuuu.

Sha ɗaya da minti shida muryarsa ta fito, yana ihu don ya rinjayi ƙarar ruwa.

“Na gan su! Suna rataye a ganga ta uku daga ƙarshe! Jirgin ya kwanta a gefe, ruwa yana shiga!”

Jirginsa mutum goma sha biyu yake ɗauka. Ya kwashi mata da jaririn da tsofaffi ya kai su kan duwatsun gaɓar yamma, ya dawo. Waɗanda suka rage sun yi minti goma sha huɗu suna riƙe da igiyar ƙarfe, ruwa har ƙugu a cikin jirgin. Kawu ne na ƙarshe da ya tsallaka, sai da Gajere ya finciko shi ta wuyan riga. Ba su yi nisa ba igiyar da Kawu ya ɗaure jirginsa da ita ta tsinke. Jirgin ya zame ta ƙarƙashin ganguna, hazo ya rufe shi. Ma'aikatan madatsar sun ce sun ga katakai suna fita ta ƙofar tsakiya.

Da azahar motar madatsar ta kawo su ofishin gaɓa. Safiyo ta tsaya a ƙofa da littafin rajista tana ƙirga su suna saukowa, ta kai ashirin, ta sake ƙirgawa. Wata 'yar siririyar mata da farar riga jiƙe sharkaf ta tsaya a gabanta, tafukan hannunta duk igiyar ƙarfe ta yanyanka.

“Ke ce Yaya?”

“Ni ce. Ki yafe mini. Minti talatin na ɓata muku.”

“Ni ma ina ganin ɗigon yana sauka tun farko,” in ji Nas. “Na ɗauka wayar ce ta rikice, na ji kunyar tambaya.” Ta dubi hannayenta. “Kina da aidin na wanke ciwo a ofishin nan? Akwai mutum shida da suka fi ni yankewa.”

Suka shiga ciki tare. Kawu yana zaune a kan benci an lulluɓa masa bargo, yana kallon taswirar bango. Yana nan zaune har ƙanwarsa, mahaifiyar Safiyo, ta iso da kuka ta tafi da shi gida.

An gyara igiyar gangunan bayan sati biyu. Injiniyan ya sha tambayoyi a kan ƙofar da ya sauke ba izini, amma ba a kore shi ba. Kawu bai sake yin jirgi ba. Ɗansa ya so ya haɗa masa wani, ya ce a bari. Yakan zo gaɓar da safe ya zauna a bakin gada, in matuƙa za su tashi ya tambaye su tsawon igiyar angarsu, su faɗa masa, ya ce bai isa ba.